Daga layin biro zuwa takardar magani: abin da ake rubuta wa majinyaci a Batsari da Safana

A zamanin En'e, wanda ya je disfensare a ƙasar Batsari ko Safana yakan tafi da kwalbarsa daga gida. Malamin asibiti ya tsiyaya masa ruwan magani daga babbar kwalba, ko ya ƙirga ƙwayoyi ya ƙunshe a takarda, sannan ya faɗa da baki: "Cokali ɗaya da safe, ɗaya da azahar, ɗaya bayan lisha." Bakin malamin shi ne takardar. Magungunan ba su da yawa, kuma malamin ya san mutanen garin gida-gida, saboda haka tsarin ya yi aiki daidai gwargwado.

Da ƙwayoyi suka yawaita, sai aka koma ga layin biro. A ja layi uku a jikin ƙunshin, ma'ana sau uku a rana. In biyu-biyu za a sha, a ja su biyu-biyu. Tsohuwar da ba ta yi boko ko ajami ba tana iya karanta wannan, shi ya sa har gobe masu kemis ba su bar shi ba. Sai dai layin yana faɗin abu biyu ne kacal: ƙwaya nawa, sau nawa. Ba ya faɗin na wane ne, ba ya faɗin kwana nawa, balle abin da za a guje wa.

Shirin Bamako na 1987, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, ya kawo asusun sayar da magani da ke juya kuɗinsa a ƙananan asibitoci, daga baya kuma magungunan PTF suka shigo. A irin waɗannan shekarun ƙaramar ledar nan mai zif ta zama ruwan dare, da hoton rana tana fitowa, rana tsaka, da wata, da gurbin suna da na kwanan wata. An kafa NAFDAC a 1993, kwalin kamfani ya fara ɗaukar lambar rajista. Amma kwali na kowa ne. Abin da aka rubuta da hannu a jikin leda ko aka manna a kwalba shi ne na mutum ɗaya, kuma gurbin sunan nan shi aka fi bari fayau in layi ya yi tsawo.

A ganina wannan gurbi ya fi hoton rana da wata nauyi. Gida ne mai mata uku da yara goma sha, an kai biyu asibiti rana ɗaya da zazzaɓi, aka dawo da ledoji masu fararen ƙwayoyi iri ɗaya a ido, aka jefa su cikin kwano ɗaya a kan kabad. Da daddare, da fitilar waya, wa zai bambance na ɗan shekara biyu da na ɗan shekara tara? Rubuta "Musa" ma bai isa ba in akwai Musa biyu a gidan. Mai ba da magani da ya san aikinsa yakan tambaya, "Hajiya, wanne ne ƙaramin?" ya rubuta suna da shekaru, ko ya sa wa ledar ƙaramin alama da jan biro.

Inda layin biro ya gaza ƙarara shi ne bayan 2005, lokacin da Najeriya ta bar kulorokwin ta koma ga haɗin atimita da lumefantirin a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro. Wannan magani da nauyin jiki ake auna shi. A irin ƙwayar da aka saba, yaro mai kilo 5 zuwa 14 yana shan ɗaya a kowane karo, mai 15 zuwa 24 biyu, mai 25 zuwa 34 uku, babba huɗu. Sau shida ake sha cikin kwana uku. Ɗauki yarinya mai kilo 18 da aka kawo asibitin Batsari daga ƙauye, aka ba ta katin ƙwaya 12 da ƙarfe biyu na rana. Za ta sha biyu nan take. Biyu na gaba bayan awa takwas ne, wato ƙarfe goma na dare, ko da an tashe ta daga barci. Washegari da jibi sai a koma safe da dare. Idan aka rubuta "2 x 2" kawai, uwa na iya ɗauka sai gobe za a ba da na gaba, ko ta ba da na biyun da magariba don a kwanta. Takarda mai kyau za ta rubuta ƙarfen agogo na ranar farko, ta ƙara da cewa a sha da abinci mai maiƙo ko madara, domin lumefantirin ba ya shiga jini sosai a kan cikin da ba komai. In yarinyar ta amayar da shi jim kaɗan bayan sha, ana maimaitawa, kuma hakan na nufin katin zai gaza da biyu, sai an koma an cike. Yadda ake gane an yi kuskure ba wuya: ran na huɗu a duba katin. In akwai saura, ba a gama ba, ko da jiki ya yi sanyi tun rana ta biyu.

A nan gargaɗin mai harhaɗa magunguna yake da amfani, don abin da ya dace da wani magani yana ɓata wani. Kafso ɗin nan ja da yalo, tetirasaikilin, in aka kora shi da fura da nono, sinadarin ƙashi da ke cikin nonon yana kama shi ya hana hanji tsotsewa, sai a bar kamar awa biyu tsakani. Ba a ba mai ciki, ba a ba ƙananan yara, saboda yana ɓata haƙori. A yankin da fura ce abincin rana, wannan jimla ɗaya ta cancanci gurbi a leda. Haka maganin mura mai sa gyangyaɗi, wanda ɗan acaɓa zai haɗiya ya kama hanyar Runka.

Ruwan maganin yara kuma ya zo da nasa rikicin. Garin amoksisilin ana zuba masa tafasasshen ruwa da ya huce har zuwa layin da ke jikin kwalba, a girgiza kafin kowane sha. In an rubuta mililita 5 sau uku na kwana biyar, jimla 75 ke nan, kwalba mai 100 za ta bar 25. Wannan ragowar ce ake ajiye wa ƙane. Amma da zarar ruwa ya shiga garin, kwanakinsa kamar bakwai ne, kuma zafin Afrilu a ɗakin kwano ba ya taimakawa. Ranar ƙarewar da kamfani ya buga ta busasshen gari ce. Shi ya sa ake rubuta ranar da aka haɗa da ranar zubarwa. Cokalin gida kuma ba ma'auni ba ne, murfin awon da ya zo da kwalbar shi ne.

Matsalar tsaro ta ƙara wa takardar nauyi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, kuma wanda ya manta bayani ba shi da halin kira ya tambaya. A da yawa daga ƙauyukan bakin dajin Rugu, mutum ɗaya ke fita ya karɓo wa gidaje uku, sau da yawa daga kemis, inda mai shagon ba ƙwararren mai harhaɗa magunguna ba ne. Bayanin baki sai ya bi ta mutum biyu kafin ya isa ga mai shayarwa. Wasu ma'aikatan sun koma rubutawa da Hausa, suna ɗaura lokutan da salla. Ga maganin sau uku a rana, asuba da azahar da lokacin kwanciya sun fi kusa da awa takwas-takwas fiye da karin kumallo, abincin rana da tuwon dare, waɗanda kan cunkushe cikin awa goma sha biyu su bar dare duka babu magani a jini.