Lokaci mai alamar debewa a lissafin motsi

Lokaci mai alamar debewa shi ne amsar da ke faɗowa ƙasa da sifili, kamar t = −1, idan aka warware lissafin kwadiratik domin gano lokacin da wani abu mai motsi zai kai wani wuri. Ana yawan haɗuwa da shi a kinematik, wato reshen fiziks da ke bayanin motsi ba tare da duba abin da ya haddasa shi ba. Ɗalibai kan jefar da wannan amsa da hujjar cewa lokaci ba ya komawa baya. Sau da yawa jefarwar daidai ce, amma hujjar ba daidai ba ce: sifilin lokaci shi ne sa'ad da aka fara ƙirga, kuma t = −1 na nufin daƙiƙa ɗaya kafin a fara ƙirgar.

Dalilin samun amsa biyu

Idan gudun abu yana ƙaruwa ko raguwa da adadi guda a kowace daƙiƙa, ana samun inda yake da wannan lissafi:

s = ut + ½at²

A nan s shi ne nisan abin daga inda ya tashi, u gudunsa na farko, a yawan canjin gudu a kowace daƙiƙa, t kuma lokaci. Galileo Galilei ne ya nuna, a littafinsa na shekarar 1638, cewa nisan da abu mai faɗowa ke ci yana tafiya ne da lokaci sau kansa. Wannan t² ne ke mai da lissafin ya zama kwadiratik, kuma zanen s a kan t ya kan fito a lanƙwashe kamar baka. Layin da aka ja a kwance yana iya yanke bakan a wuri biyu, don haka tsayi guda na iya dacewa da lokuta biyu.

Misali: dutse daga saman bene

An jefa dutse sama daga rufin bene mai tsayin mita 25, da gudun mita 20 a daƙiƙa. Ana neman lokacin da zai taɓa ƙasa. An ɗauki jan ƙasa a matsayin g = 10 m/s² don sauƙi, kuma ba a lissafa tirjiyar iska ba. Idan aka ba sama alamar tarawa, tsayin dutsen daga ƙasa shi ne:

h = 25 + 20t − 5t²

A ƙasa h = 0. Idan aka raba ko'ina da −5 sai a samu t² − 4t − 5 = 0, wato (t − 5)(t + 1) = 0. Amsoshin su ne t = 5 da t = −1.

Amsar tambayar ita ce daƙiƙa 5. Dutsen yana hawa na daƙiƙa 2 har tsayin mita 45, sannan ya faɗo cikin daƙiƙa 3. An ajiye t = −1 a gefe ne saboda a wannan lokacin dutsen yana hannun mai jifa, alhali lissafin na sama yana bayani ne a kan dutsen da ba abin da ke riƙe da shi sai jan ƙasa. Iyakar aikinsa daga t = 0 ne zuwa t = 5. Da an yi amfani da g = 9.8 m/s², da amsoshin sun zama kusan 5.08 da −1.00, ma'anar kuma ba za ta canza ba.

Ma'anar t = −1

Lissafin bai san da benen ba, bai kuma san da hannun da ya yi jifa ba. Abin da ya sani kawai shi ne cewa a t = 0 dutsen yana tsayin mita 25 yana hawa da gudun 20. Idan aka bi wannan tafiya baya, za a tarar ta taso daga ƙasa. Gudun dutsen a kowane lokaci shi ne v = 20 − 10t, wanda a t = −1 ke ba da +30. Wato da wani ya tsaya a ƙasa ya harba dutse sama da gudun mita 30 a daƙiƙa, bayan daƙiƙa ɗaya dutsen zai kai 30 − 5 = mita 25, gudunsa kuma ya ragu zuwa 20. Daga nan ba a iya bambanta tafiyarsa da ta dutsen da aka jefa daga rufi.

A t = 5 kuwa, v = −30: girman gudun ɗaya ne, fuskar ce ta juya. Haka ma tsakiyar amsoshin biyu, (5 + (−1)) ÷ 2 = 2, ita ce daidai lokacin da dutsen ya kai ƙololuwa. Wannan ya sa amsar da aka jefar take da amfani wajen duba aiki, domin idan tsakiyar ba ta yi daidai da u/g ba, akwai kuskure a wani wuri.

Ana iya sanin alamun amsoshin tun kafin a warware. Idan aka ninka su da juna ana samun −2h₀/g, inda h₀ shi ne yadda wurin tashi ya ɗara wurin sauka tsayi. A misalin, 5 × (−1) = −5, kuma −50/10 = −5. Saboda haka duk lokacin da abu zai sauka ƙasa da inda ya tashi, dole amsa ɗaya ta zama mai alamar debewa.

Inda alamar ba ta isa hujja ba

Akwai tambayoyin da amsa mai alamar debewa ita ce ake nema. Idan da gaske daga ƙasa aka harba dutsen, wani kuma da ke taga a tsayin mita 25 ya fara ƙirga lokaci sa'ad da dutsen ya wuce shi, to t = −1 shi ne lokacin harbin, t = 5 kuma lokacin dawowa, tafiyar duka daƙiƙa 6.

Akwai kuma inda amsoshin biyu duk suna sama da sifili amma ɗaya ba ta faru ba. Mota mai gudun mita 20 a daƙiƙa ta taka birki, gudunta na raguwa da 4 a kowace daƙiƙa. Lokacin da za ta ci mita 42 yana fitowa daga 20t − 2t² = 42, wanda ke ba da t = 3 da t = 7. Amma motar ta tsaya cik a t = 5, bayan mita 50. Amsar t = 7 tana kwatanta motar da ta ci gaba da baya bayan tsayawa, abin da birki ba ya sa mota ta yi. A jifan dutsen kuwa, idan aka tambayi lokacin da yake tsayin mita 40, ana samun t = 1 da t = 3, kuma duk sun faru: ɗaya a hawa, ɗaya a saukowa.

Kurakurai da yadda ake gane su

Wasu kan goge alamar su rubuta daƙiƙa 1 a madadin −1. Mayar da t = 1 cikin lissafin yana nuna dutsen yana tsayin mita 40, bai kusa ƙasa ba. Daƙiƙa 1 amsar wata tambaya ce dabam: dutsen da aka jefa ƙasa da gudun 20 daga rufin, inda lissafin ke zama t² + 4t − 5 = 0, amsoshinsa kuma 1 da −5.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita alamu tun daga farko. Ƙasa tana mita 25 ƙarƙashin rufin, don haka s = −25. Wanda ya rubuta +25 zai samu t² − 4t + 5 = 0, inda b² − 4ac = −4, kuma ba amsa ko ɗaya. Lissafin yana faɗin gaskiya ne a kan tambayar da aka yi masa bisa kuskure, domin dutsen mita 20 kawai ya tashi sama da rufin, bai kai 25 ba.