Yadda Tambaya Ta Haifi Makarantar Mazaje a Damagaram

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin awon ciki da na tsarin iyali, ta kuma ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Duk da haka mata da yawa a karkarar Damagaram sun ci gaba da haihuwa a ɗaka, wasu sai naƙuda ta yi tsanani ake ɗora su a amalanke zuwa likita. Rajistar likita tana faɗin mata nawa suka zo. Ba ta faɗin abin da ya tsare sauran a gida. A 2007 hukumar UNFPA ta sa aka yi bincike a jihar a kan wannan tambaya, kuma babban abin da ya fito shi ne cewa zuwan mace likita yana hannun mijinta. Daga nan aka buɗe Makarantar Mazaje guda 11 a 2008, inda magidanta da ba su wuce sha biyu ba ke zama suna tattauna lafiyar iyali, sannan su kai maganar ga sauran maza.

Abin da nake so mu duba, ƴan uwa ɗalibai, shi ne yadda ake kaiwa ga irin wannan amsa. Wai magana kawai za a saurara, a ce an yi bincike? E, amma sauraren yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana da tarihi.

Ta farko ita ce hirar rukuni. Asalinta Amurka ne, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda Robert Merton ke tara masu sauraren rediyo yana tambayarsu dalilin da wani shiri ya taɓa su. A 1946 shi da Patricia Kendall suka rubuta tsarin abin. Yau ana tara mutum shida zuwa goma, a zauna awa ɗaya ko ɗaya da rabi, mutum guda yana jan hira, wani yana rubutu. A ce nan Tsauni za mu yi, ba za mu haɗa kowa a tabarma ɗaya ba. Matasan mata daban, surukai da ungozomomi daban, magidanta daban. Kowa ya san matar ɗa ba ta musa wa uwar miji a bainar jama'a, mai cikin fari kuwa kunya ba za ta bar ta ta ambaci cikin ba ma. Ana gane hira ta lalace idan mutum ɗaya ya yi magana, sauran suka bi da "haka ne". Wannan ba yarda ba ce, kara ce. Haka nan idan a ƙofar mai gari aka zauna, ko mai jan hirar ma'aikacin likita ne, za a ji yabo kawai. Hirar rukuni tana nuna abin da gari ya ɗauka daidai ne. Abin da ya faru da mace a daren naƙudarta kuwa, sai an keɓe da ita.

Ta biyu ita ce sanin lokacin tsayawa. A 1967 Barney Glaser da Anselm Strauss, waɗanda suka yi nazarin marasa lafiya da ke bakin mutuwa a asibitocin Amurka, suka ce a ci gaba da tambaya har sai sabuwar hira ta daina kawo sabon abu. Ni ina kiran wannan ƙoshi. An daɗe ba a gwada hira nawa ke kawo shi ba, sai a 2006 Greg Guest da abokan aikinsa suka lissafa da hirarraki 60 da aka yi da mata a Gana da Nijeriya. A cikin hira 30 na Gana sun samu ma'anoni 109. Guda 80 sun fito a hira shida na farko, 100 kuma kafin a wuce ta sha biyu. Da aka ƙara hira 30 na Nijeriya, biyar kacal suka ƙaru.

Tun daga nan ɗalibai suka riƙe "sha biyu" kamar hadda. Amma matan nan iri ɗaya ne, tambayoyin ma iri ɗaya. Idan mata sha biyun da ka tambaya duk a kusa da likita suke, za ka ƙoshi da wuri, kuma ƙoshin ƙarya ne, don ba ka ji daga matar ƙauyen da damina ke yanke wa hanya ba, ko matar rugar Fulani, ko wadda mijinta ya tafi cin rani Kano. Kowane rukuni da nasa ƙoshin. Kuma ba ya ganuwa sai kana nazarin hirar yau kafin ka fita ta gobe, kana rubuta sababbin abubuwa nawa ta kawo.

Ta uku ita ce tsamo jigo. Virginia Braun da Victoria Clarke sun tsara matakansa shida a 2006: a karanta hirar har a saba da ita, a sa wa kowace magana alama, a tara alamomin su zama jigo, a sake gwada jigon da hirar, a raɗa masa suna, a rubuta. Ga misali na ƙirƙira. Mace ta farko ta ce maigida ba ya nan, shi ya sa ba ta je ba. Ta biyu ta ce ya yarda, amma babu kuɗin hayar babur. Ta uku ta ce uwar mijinta ta haifi tara a ɗaka, ita wace ce da za ta nemi likita? Magidanci kuma ya ce haihuwa sha'anin mata ne, ba a sanar da shi sai abu ya ɓaci.

Mai gaggawa zai sa wa duka alama ɗaya: miji ya hana. To, a cikin huɗun nan wa ya hana? Babu. Alamomin su ne rashin mai ba da izini, rashin kuɗin tafiya, kunyar suruka, da nisantar da namiji daga maganar haihuwa. Idan aka tara su, jigon zai zama: shawara tana hannun wanda ake sanar da shi a makare. Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya rubuta "maza na hanawa" zai je ya yi musu faɗa a rediyo. Wanda ya ga jigo na biyu zai nemi zama da su tun ciki yana ƙarami, a tanadi kuɗi da abin hawa. Sai kuma a nemi wadda labarinta ya saɓa, kamar matar da mijinta ya ce ta je ita ta ƙi, don an taɓa yi mata tsawa a ɗakin haihuwa. Irin wannan wulaƙanci Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka bayyana a 2003 a asibitocin manyan birane biyar, har da Yamai. Idan irin matar nan ta yawaita, jigo na daban ne, kuma taron maza ba zai magance shi ba.

Akwai wata asara da ta shafe mu musamman. Hirar da Hausa ake yin ta, rahoton kuma da Faransanci. Kunya, kara da kawaici sukan koma kalma ɗaya a fassara, alhali kowace da abin da take hana mace. Don haka a sa alama a kan Hausar tukuna, fassara ta biyo baya.

Wannan hanya ba ta faɗin kashi nawa cikin ɗari na matan Matameye abin ya shafa, kuma ba ta isa ta tabbatar cewa Makarantar Mazaje ce ta ƙara haihuwa a likita ba. Wannan aikin ƙidaya ne. Abin da binciken 2007 ya yi shi ne nuna wa masu tsara aikin lafiya wanda ya kamata su zauna da shi.