Sa ido kan ƙidayar kaya a binciken kuɗi

Sa ido kan ƙidayar kaya mataki ne a binciken kuɗi inda odita na waje yake halartar ƙirgar kayan da ke cikin siton kamfani, galibi a ƙarshen shekarar kuɗi. Ma'aikatan kamfanin ne ke yin ƙidayar, shi kuwa odita yana auna ko za a iya dogaro da sakamakonta. Ƙa'idar ISA 501 ta wajabta masa halarta idan kayan suna da nauyi a rahoton kuɗi, sai dai in hakan ba zai yiwu ba.

Asali

Al'adar ta kafu ne bayan badaƙalar kamfanin magunguna na McKesson & Robbins a Amurka a shekarar 1938, inda aka gano an rubuta kayan miliyoyin daloli da babu su, masu bincike kuma sun tsaya ga takardu kawai.

Abin da odita yake dubawa

Odita yana gwada ƙidayar ta fuska biyu. Yakan zaɓi wani kaya a takardar ƙidaya, ya je ya same shi a sito, don tabbatar da cewa akwai shi. Sannan ya zaɓi wani kayan a sito, ya neme shi a takarda, don tabbatar da cewa ba a tsallake komai ba. Yakan kuma sa a buɗe wasu kwalaye, ko a ɗaga buhunan tsakiyar tari, tunda ana iya jera tari da rami a cikinsa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kayan da ke shiga ko fita dab da rufe shekara. Misali, an ƙirga buhun shinkafa 1,000 ranar 31 ga Disamba, alhali an riga an sayar da 200 daga ciki, an rubuta cinikin, motar mai saye ce kawai ba ta iso ba. Idan ba a ware su ba, buhu 200 ɗin za su bayyana sau biyu, a ciniki da kuma a sito, ribar shekarar ta kumbura. Shi ya sa odita yake ɗaukar lambar takardar ƙarshe ta karɓar kaya da ta fitar da kaya, don ya gwada su da littattafan kamfanin daga baya.

Yana kuma lura da kayan da suka lalace ko wa'adinsu ya ƙare, domin ƙa'idar IAS 2 ta tanadi a rage darajar kaya idan abin da za a samu wajen sayar da su bai kai kuɗin da aka kashe a kansu ba. Ganin kaya a sito dai ba ya nuna mallakar wane ne.

Shiri

Kamfani yana rubuta umarnin ƙidaya ya aika wa odita tun da wuri, ya buga lamba a jere kan kowace takardar ƙidaya, ya dakatar da shige da ficen kaya, ya keɓe kayan ajiya na wasu mutane. Ana ƙirgawa mutum biyu-biyu, ɗaya daga cikinsu ba ma'aikacin sito ba, kuma ba a nuna musu adadin da ke littafi, don kada su kwafe shi maimakon su ƙirga.