Yadda ake tsara allon talla da za a iya karantawa daga nesa

A wuraren da Hausawa ke hada-hada a kudancin ƙasar nan, kamar kasuwar Gariki da ke Awkunanaw a Enugu, da bakin gadar Neja da titin Bida a Onitsha, da Mile 3 a kan titin Ikwerre a Fatakwal, ba a rasa kyallayen talla rataye a jikin rumfuna da ƙofofin shaguna. Wasu na tallar dabbobi ne ko kayan gwari, wasu na motocin zuwa Arewa, wasu kuma sanarwar wa'azi ko Mauludi. Da yawa daga cikinsu suna da kyau idan an tsaya kusa, amma daga tsallaken titi ba a iya karanta komai. Dalili kuwa shi ne an tsara su a kan fuskar kwamfuta, inda ido ke dab da rubutu, alhali mai karatun yana cikin mota ko Keke Napep, yana wucewa.

Nisa ne ke yanke girman harafi

Ƙa'idar da masu zanen alluna suka daɗe suna aiki da ita ita ce inci 1 na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa. A ma'aunin mita, santimita 1 ke nan ga kowace mita 1.2. Mai lafiyar ido zai iya gane harafi daga nisan da ya kai ninki uku na wannan idan ya tsaya ya ƙura ido, amma mai wucewa ba ya tsayawa, don haka ƙa'idar farko ce abin dogaro.

Wannan na nufin kafin a je wurin mai buga kyalle, sai a fara tsayawa a inda ake son mutane su hango tallar, a auna nisan zuwa inda za a rataye ta. Wannan awo ne zai faɗi girman harafi, girman harafi kuma shi zai faɗi yawan kalmomin da kyallen zai ɗauka.

Misalin mai sayar da raguna

A ɗauki misalin wani fatake da ya sauke raguna a Gariki ana saura mako biyu Babbar Sallah. Yana da kuɗin kyalle mai faɗin mita 3 da tsayin mita 1.2, wato kusan ƙafa 10 da ƙafa 4 a lissafin masu bugawa. Yana son masu motoci su hango shi tun daga nisan mita 30.

Idan aka raba mita 30 da 1.2, za a samu 25. Ke nan kowane harafi na babban saƙo sai ya kai santimita 25. Harafi mai kauri na wannan tsayi, haɗe da tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, yana cin wajen santimita 19 na faɗi. Bayan an bar ɗan fili a hagu da dama, abin da ya rage bai wuce santimita 270 ba, wato gurbin haruffa 14 a layi ɗaya. "RAGUNAN SALLAH" haruffa 13 ne da tazara ɗaya, ya cika layin cif.

Daga sama zuwa ƙasa ma haka lissafin yake. Idan aka bar santimita 10 a sama da 10 a ƙasa, saura 100. Layi biyu masu santimita 25, da layin lambar waya mai santimita 20, da tazarar santimita 15 sau biyu a tsakaninsu, sun cinye filin duka. Tun da yawancin masu wucewa a Enugu ba sa karanta Hausa, layi na biyu sai ya zama saƙon nan da Turanci cikin kalmomi uku. Babu gurbin sunan kamfani, da jerin rassa, da hoton mai dukiya, da doguwar addu'a. Duk abin da aka ƙara, daga girman haruffan za a ciro shi.

Dalilin taƙaita kalmomi

Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana cin kusan mita 8 a kowace daƙiƙa. Mita 30 ɗin nan za ta ƙare cikin ƙasa da daƙiƙa 4, kuma direba ba zai ba allon dukkan lokacin ba, domin idonsa na kan hanya. Wannan ne ya sa masu harkar talla ke cewa kada babban saƙo ya wuce kalmomi shida ko bakwai. A babban titi irin na Enugu zuwa Onitsha, inda gudu ya fi haka, ana buƙatar manyan haruffa da ƙarancin kalmomi fiye da wannan.

Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce, kuma mai gudu ba zai haddace ta ba. Amfaninta na ga masu tafiya a ƙasa da waɗanda cunkoso ya tsayar, kamar yadda ake yawan gani a Upper Iweka ko Mile 3. Lamba ɗaya ta isa, a raba ta gida uku don sauƙin kwafa.

Launi da siffar harafi

Abin da ke sa rubutu ya fito daga nesa shi ne bambancin haske da duhu tsakaninsa da bango, ba yawan launuka ba. Baƙi a kan ruwan ɗorawa, baƙi a kan fari, da fari a kan shuɗi mai duhu, duk suna fitowa sarai. Ja a kan kore kuwa, ko ruwan ɗorawa a kan fari, suna narkewa cikin juna. Ga kuma mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore tun haihuwa. Dora rubutu a kan hoto ma kuskure ne, domin wani sashen kalmar zai faɗa kan duhu, wani kan haske.

Haruffa masu ado da lanƙwasa, ko masu siririn jiki, sukan ɓace daga nesa. Rubutun Hausa yana da tasa matsalar ta daban: yawancin salon haruffan kwamfuta ba su da ɓ, ɗ da ƙ, kuma mai bugawa a Onitsha ko Fatakwal ba lallai ya lura sun sauya ko sun faɗi ba. "Ƙafa" da "kafa" ba ma'anarsu ɗaya ba, don haka wajibi ne mai talla ya duba da idonsa kafin a buga.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Akwai gwaji mai arha. Takardar A4 tsawonta kusan santimita 30 ne, kashi ɗaya cikin goma na kyalle mai mita 3. A buga zanen ya cika tsawon takardar, a manna a bango, a ja da baya mita 3. Abin da ido ya gani a nan shi zai gani a kan kyallen daga mita 30. Sai a nuna wa wanda bai san saƙon ba na daƙiƙa 3, a rufe, a tambaye shi abin da ake sayarwa. Idan ya yi inda-inda, kalmomin sun yi yawa. Daga nan a sake buga takardar da baƙi da fari kawai. Idan rubutun ya dushe, launukan ba su dace ba.

Sauran abin lura shi ne wurin ratayewa. Kyallen da ya fuskanci masu tahowa ya fi wanda ya kwanta a gefen titi karantuwa, kuma a yankin da damina ke daɗewa dole a ɗaure shi tamau ta kusurwoyi huɗu, domin idan ya saki ya naɗe, rabin kalmomin sun tafi. Allon da zai fita bakin titi yana buƙatar izinin hukumar kula da allunan talla ta jiha, irin su RISAA a Ribas da ANSAA a Anambra, don kada a wayi gari an cire shi.