Me ya sa akwatin imel ke ƙin lambar sirri alhali daidai take?

Masu sauraro da yawa na kawo kuka iri ɗaya: sun rubuta lambar sirrinsu ta Gmail daidai, amma manhajar saƙo ta tsohuwar waya ko kwamfuta sai ta sake tambaya. Wani lokaci a ga wannan rubutu:

```
535-5.7.8 Username and Password not accepted
```

Galibi ba sace akwatin aka yi ba. Tun ran 30 ga watan Mayu 2022 Google ya daina karɓar lambar sirri ta yau da kullum daga manhajojin da ke miƙa ta kai tsaye ta tsofaffin hanyoyi, wato IMAP da POP na karɓar saƙo, da SMTP na aikawa. Dalili kuwa, manhajar na ajiye lambar, duk wanda ya same ta ya samu akwatin gaba ɗaya.

Ga yadda za ku gane. Ku buɗe gmail.com a Chrome, ku sa lambar nan. In ta shiga, lambarku lafiya lau take, manhajar ce aka rufe wa ƙofa. Canza lamba ba zai yi magani ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku cire akwatin daga manhajar, ku sake sa shi, ku zaɓi "Google" maimakon IMAP. Shafin Google zai buɗe, can za ku shiga. Amma hattara: in da POP kuke aiki, wasu saƙonnin cikin kwamfutar kaɗai suke, ku adana su kafin ku cire.

To, in manhajar ta tsufa fa? Mu ɗauki sakataren ƙungiyar manoma mai Outlook 2013, wadda ba ta san sabuwar hanyar ba. Da farko zai shiga akwatinsa na Google, sashen "Sécurité", ya kunna "Validation en deux étapes". Sannan ya buɗe:

```
myaccount.google.com/apppasswords
```

Zai rubuta suna, misali Outlook, Google ya ba shi lamba mai haruffa 16. Ita zai sa a Outlook wurin tsohuwar, a gefen karɓa da na aikawa duka. Saitin shi ne:

```
imap.gmail.com  993  SSL
smtp.gmail.com  587  TLS
```

In saƙo na shigowa amma ba ya fita, gefen SMTP ne aka manta. Lambar nan sau ɗaya ake nuna ta. In ta ɓace a yi wata. Kuma ranar da ya canza babbar lambar sirrinsa, mai haruffa 16 ta mutu, sai an yi sabuwa.

Ƴan uwa da ke waje, ku lura: in ku kuka buɗe wa na gida akwatin da lambar wayarku, lambar tabbatarwa wajenku za ta zo. Gara ku sa lambar wayar mai akwatin tun kafin a fara.