Agafe

agafe (Girkanci: ἀγάπη), suna, tamata. Aikatau: *agafao*.

1. Ƙaunar da mutum ke yi da niyya, yana neman alherin wani ko da ba zai samu sakayya ba, ko da wanda ake ƙaunar bai cancanta ba. Misalinta shi ne mutumin da ya tsinci baƙo kwance a bakin hanya, ya wanke masa rauni, ya biya kuɗin jinyarsa. Kalmar ta zo fiye da sau 100 a Sabon Alkawari, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fassara ta da “ƙauna”.

2. Liyafar da Kiristocin farko ke ci tare don zumunci.

Bambancinta da makusantanta

*Eros*: so irin na bege da sha'awa, wanda kyawun abin so ke tayarwa. Mai eros yana son ya mallaka, mai agafe yana son ya bayar.

*Filiya*: aminci tsakanin abokai, ka so ni in so ka. Aristotal ya kasa ta uku: abotar amfani, abotar jin daɗi, da abotar halin kirki.

*Istorge*: shaƙuwar jini da sabo, irin ta uwa da ɗanta.

Hattara: iyakokin nan ba katanga ba ne. A 2 Timoti 4:10, da *agafao* aka bayyana son duniyar da ya sa Demas ya rabu da Bulus. Saboda haka mahallin magana ne ke tantance ma'ana.