Hasashen girgizar farashi kafin rahoton ribar kamfani: abin da ya kamata a sa wa ƙararrawa

Kamfanonin da ake cinikin hannayen jarinsu a kasuwannin Amurka suna bayyana ribarsu sau huɗu a shekara, kuma a washegarin sanarwar farashi kan yi tsallen da bai yi ba cikin watanni. A ranar 3 ga Fabrairun 2022 hannun jarin Meta ya faɗi da kusan kashi 26 cikin ɗari a yini guda, yayin da na Nvidia ya tashi da kusan kashi 24 a ranar 25 ga Mayun 2023. 'Yan kasuwa kan auna girman tsallen da ake tsammani tun kafin ya auku, ta hanyar wani adadi da ke bayyana a allon dillalai da sunan `IV`.

Adadin yana fitowa ne daga farashin kwangilar zaɓi, wadda ake kira opshan. Kwangilar tana bai wa mai saye damar sayen hannayen jari (wannan ita ce `Call`) ko sayar da su (ita ce `Put`) a kan ƙayyadadden farashi kafin wata rana, ba tare da an tilasta masa ba. A Amurka kwangila guda takan ƙunshi hannun jari 100. Tun 1973, shekarar da aka buɗe kasuwar opshan ta Chicago, kuma Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa lissafinsu, ake da hanyar ƙiyasta farashin kwangilar idan an san yawan kai-komon farashin jarin. Idan aka juya lissafin, aka ɗauki kuɗin da mutane ke biya a yau, sai a gano irin kai-komon da suke tsammani. Wannan shi ne `IV`. Ba ya nuna ko farashi zai hau ko zai sauka, girman motsin kawai yake nunawa.

Ana rubuta shi a ma'aunin shekara. Don a mayar da shi na yini, sai a raba shi da 15.9, domin akwai ranakun ciniki kimanin 252 a shekara, kuma 15.9 ce lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da kusan 252. Jarin da `IV` ɗinsa yake 32 ana tsammanin ya riƙa motsi da wajen kashi 2 cikin ɗari a yini.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sa wa manhajar dillalinsa ƙararrawa a kan wani adadi tsayayye, ya ce ta sanar da shi da zarar `IV` ya haura 50. Irin wannan ƙararrawa za ta yi ta kaɗawa duk bayan wata uku ko da babu abin da ya sauya, kuma misali zai nuna dalili.

A ɗauki jarin da ake sayarwa dala 100, mai motsin kashi 2 a ranar da babu labari, wanda kasuwa ke tsammanin zai motsa da kashi 8 a ranar da ta biyo bayan rahoto. Ba a tara waɗannan adadi kai tsaye, sai an ninka kowanne da kansa: ranar yau da kullum ta zama 4, ranar rahoto ta zama 64. Idan saura ranakun ciniki 20 kwangilar ta ƙare, akwai ranaku 19 na yau da kullum, wato 76, a haɗa da 64 a sami 140. Matsakaicin yini ya zama 7, wanda ke nufin motsin kashi 2.65, sai allo ya nuna 42. Idan saura ranaku 5, jimillar ta zama 16 da 64, wato 80, matsakaicin yini 16, motsi kashi 4, allo ya nuna 64. A jajibirin rahoto, idan yini ɗaya ya rage, zai nuna kusan 127. Adadin ya ninka har sau uku alhali ra'ayin kasuwa yana nan a kan kashi 8. Abin da ya faru kawai shi ne ranakun da ke dusashe tasirin babbar ranar sun ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka abin da ya cancanci a sa wa ido shi ne motsin ranar rahoton shi kaɗai, bayan an cire sauran ranaku:

```
E = sqrt( n*(IV/15.9)^2 - (n-1)*d^2 )
```

A nan `n` yawan ranakun cinikin da suka rage ne, `d` motsin yini na yau da kullum, `E` kuma motsin da ake tsammani a ranar rahoto. A ce saura ranaku 5, sai allo ya nuna 80 maimakon 64. Motsin yini ya zama wajen kashi 5, ninkinsa 25, sau biyar 125, a cire 16 na ranaku huɗu saura 109, wanda ke ba da kashi 10.4. Hasashen ya tashi daga 8 zuwa sama da 10, kuma wannan ne sauyin da ya kamata a tashi mutum daga barci dominsa. Mai sa ido yakan ajiye jerin motsin da jarin ya yi bayan rahotanni takwas ko goma sha biyu da suka gabata, ya sa ƙararrawa ta kaɗa idan `E` ya yi nisa da su, ko ya sauya ƙwarai cikin kwana ɗaya ko biyu. Rahotanni takwas tarihin shekara biyu ne kacal, don haka ma'auni ne mai rauni, ko da yake ya fi adadi tsayayye nesa ba kusa ba.

Da zarar an fitar da rahoton, adadin kan rushe ya koma kusa da 32, kuma nan ne kuɗi ke salwanta. Wanda ya sayi `Call` da `Put` tare a kan dala 100 a jajibirin rahoto zai biya wajen dala 6.40 kan kowane hannun jari, domin farashin su biyun yakan kai kimanin kashi 80 cikin ɗari na motsin da ake tsammani. Idan jarin ya tashi zuwa dala 104 kwangilar ta ƙare a haka, abin da ke hannunsa dala 4 ne, ya yi asarar dala 240 duk da cewa farashi ya motsa. Wanda ya sayar masa ya ci riba a wannan karon, amma a rana irin ta Meta asararsa za ta ninka abin da ya karɓa sau da yawa.

Lissafin yana lalacewa idan bayanan da aka zuba masa ba daidai ba ne. Shafukan kalanda sukan sa ranar rahoto ta ƙiyasi kafin kamfani ya tabbatar da ita, kuma idan kwangilar da ake bibiya za ta ƙare kafin ainihin ranar, babu rahoto a cikin farashinta. Alamar hakan ita ce `IV` ɗinta ya zauna ƙasa alhali na kwangilar mako mai zuwa ya yi sama. Sa'ar sanarwa ma tana da tasiri: kamfanin da zai yi magana kafin buɗe kasuwa, jarinsa zai motsa a ranar, wanda zai yi bayan rufewa kuwa sai washegari. Kasuwar New York tana rufewa da ƙarfe 4 na yamma, wato ƙarfe 9 na dare agogon Najeriya a lokacin zafinsu, ƙarfe 10 a lokacin hunturu.

Akwai kuma kwangilolin da ba a cika cinikinsu ba, inda tazarar da ke tsakanin `Bid` da `Ask` take da faɗi, ta yadda ciniki ɗaya zai iya ɗaga adadin ya haifar da gargaɗin ƙarya. Maganinsa shi ne a yi lissafi da farashin tsakiya, a kan kwangilar da ta fi kusa da farashin jarin, kuma a guji mintunan farko na buɗe kasuwa. Idan ƙararrawar ta kaɗa, sai a fara duba ma'aunin `VIX`, wanda ke auna hasashen girgiza na kwana 30 a kan manyan kamfanonin `S&P 500`. In shi ma ya tashi, to fargabar ta kasuwa ce baki ɗaya, kuma `d` ne ke buƙatar gyara kafin a sake lissafin `E`.